Tsarin sanarwar karatun Asabar

Salamu alaikum ƴan'uwa. Karatun da za mu haska kai tsaye a Facebook ranar Asabar ne, ƙarfe 8:30 na dare, bayan Isha'i. Mai kula da shafi ya shiga Meta Business Suite ya tsara tunatarwa biyu tun yau: ɗaya Juma'a da yamma, ɗaya Asabar ƙarfe 7:30. A rubuta "agogon Najeriya da Nijar", domin namu na Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, wajensu 7:30 za a fara.

Sanarwar "mun fara" kam kada a tsara ta. Idan Malam ya makara ko intanet ta yanke, ita fita za ta yi, mutane su zo su tarar ba kowa. Sai an ga hoto da murya sun hau, a tura ta da hannu, da mahaɗin bidiyon.