Jijjiga ta lafa, yaro bai farka ba: wannan ba barci ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka kan wani abu da ke ɗauke mana yara kowace damina zuwa kaka a nan ƙasar Haɗeja, inda ruwan fadama da gonakin shinkafa ba sa barin sauro ya huta. Ina nufin zazzaɓin cizon sauro da ya haye ƙwaƙwalwa, wanda a ƙauyukanmu sau da yawa ake ɗora wa iska.

Ƙwayar cutar, wato irin nan mai tsanani da likitoci ke kira falsifarum, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa. Ƙwayar jinin da ta kamu takan yi danƙo, sai ta liƙe a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan suka taru da yawa, hanya ta cushe, jini ba ya gudu yadda ya kamata, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen numfashi da abinci, sannan ta fara kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Kumburin in ya yi yawa sai ya danne wurin da ke sarrafa numfashi, kuma ta nan yara da yawa ke tafiya. Ga kuma sukarin jini da ke faɗuwa saboda yaro ya kwana biyu bai ci ba, wanda shi kaɗai ma yana sa jijjiga da suma.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan jijjigar. Yaron da zafin jiki kawai ya sa shi jijjiga yakan dawo hayyacinsa ba da jimawa ba. Amma idan rabin awa ta wuce, an kira sunansa bai amsa ba, idonsa ba ya bin fuskar uwarsa, an matse masa farce bai yi kuka ba bai janye hannu ba, to dogon suma ne. Kuma jijjigar ba lallai ta girgiza jiki duka ba. Wani lokaci fatar ido ce ke rawa, ko gefen baki yana motsi, ko yawu na dalala, mutanen gida na cewa ai ya samu sauƙi, a bar shi ya huta.

A ɗauki yarinya 'yar shekara 3 mai nauyin kilo 12, wadda ta suma da la'asar. A gida abin yi kaɗan ne: a kwantar da ita ta gefe, a sassauta mata kaya, a nemi babur ko mota nan take. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a kanga ƙafarta a wuta, kada a turara mata hayaƙi. Ban hana addu'a ba, a yi ta a kan hanya. Amma ɗura rubutu ko manja ko maganin kemis a bakin wadda ba ta iya haɗiya, huhu yake wucewa.

A asibiti za a gwada jininta da sukarinta, a tsayar da jijjigar, a yi mata allurar atesunet, maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 kan kowane kilo, wato ita miligiram 36: da isarta, bayan awa 12, sai kuma bayan awa 24 da allurar farko. In ta farfaɗo tana iya haɗiya, a ɗora ta kan ƙwayoyin maleriya na kwana 3 cur. Jininta in ya yi ƙasa sosai a ƙara mata. Likita na iya neman ɗibar ruwan ƙashin baya, kada iyaye su ƙi, domin sanƙarau da wannan ciwo kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu kuwa daban.

Gaskiya ɗaci gare ta: ko da magani, a cikin yara 100 da suka kai wannan mataki ana rasa 15 zuwa 20. Ba magani kuwa, da wuya a tsira. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi sukan zo da farfaɗiya, ko raunin ji da magana, ko wahalar karatu, kuma yawan jijjiga da daɗewar suma na ƙara wannan haɗari. Shi ya sa "bari gari ya waye" ke da tsada.

Roƙona ga hukumomin lafiya na Jigawa ɗaya ne. Akwai atesunet na matsawa ta dubura, mai miligiram 100, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba yaran da ba su kai shekara 6 ba kafin a isa babban asibiti. Yarinyar da na yi misali da ita biyu za a sa mata. Ba ya warkarwa shi kaɗai, dole a wuce da ita a yi allura, amma yana rage ƙarfin cutar a tafiyar da kan ci awoyi idan ambaliya ta yanke hanya. A ajiye shi a ƙananan asibitocin ƙauye tun watan Yuni, a wuri mai sanyi don zafi na lalata shi, a kuma koya wa ma'aikata yadda ake sa shi.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
Ƙaramar Hukumar Auyo, Jihar Jigawa.