Sanarwa kan ɗaukar hoton ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na gama gyara rubutun shirinmu na tarihin Zazzau. Fitowa ta 3 da ta 5 a gaban koren labule za mu ɗauke su, a ɗakinmu na Samaru.

Duk inda kuka ga na rubuta "koren labule" a saman fitowa, a ƙarƙashinsa na faɗi hoton da za a ɗora a baya. A ta 3, ganuwa ce ta wajen Ƙofar Doka, da yamma, rana na bugowa daga hagu. Mai fitilu ya lura da wannan: babbar fitila ta haska mai gabatarwa daga hagu ita ma. In aka juya, kowa zai gane liƙa shi aka yi. Ta 5 hoton cikin birni ne, ba wuya.

Masu gabatarwa, don Allah kada kowa ya sa kore. Kwamfuta launin take cirewa, ba ruwanta da labule ne ko riga. Bara zaren kore a aikin hular wani ya sa ganuwa ta leƙo ta kansa. Hajiya, mayafi shara-shara ma a bar shi, koren yana ratsa shi. Shadda mai ƙyalli, musamman fara, tana ɗaukar hasken labulen, sai gefen kafaɗa ya yi kore-kore. A zo da yadi marar sheƙi, ruwan ƙasa ko ruwan toka mai duhu, a tsaya kamar mita 2 daga labulen.

Kowa ya turo hoton kayansa kafin Juma'a.