Wasiƙa Zuwa Fatakwal: A Kan "To" Ɗin Mutuniyar Taka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwan saman Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan Kano lafiya lau, iyali duk suna gaishe ka.

Na karanta saƙonka sau uku, kuma na ga bai dace in ba ka amsa da layi biyu ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce duk lokacin da ka zo Katsina ka je zance, yarinyar nan tana tarbarka da fara'a, ta shimfiɗa tabarma a soro, ta kawo ruwa da zoɓo, ku yi hira har a kira isha'i, ta raka ka bakin ƙofa. Amma da ka koma bakin aiki, sai ka rubuta mata layi goma, ta yi awa biyar kafin ta ce "To, na gode." Kana tambayata wace ce ita ta gaskiya, ta soro ko ta waya.

Bari in fara da "to" ɗin, don shi ya fi cin ranka. Ka san yadda muke faɗinsa da baki. Akwai "to" na yarda, akwai wanda ake ja da murmushi, akwai na gajiya, akwai na "na ji, ƙyale ni." Murya ce take raba su. A rubutun boko kuwa ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, duk haruffa biyu ne. Saboda haka idan "to" ya iso wayarka da daddare kana kai kaɗai a ɗaki, kai ne kake sa masa murya, kuma wanda kewa da fargaba suka dame shi yakan zaɓi muryar da ta fi zafi.

Ka kuma ambaci alamomin WhatsApp. Alama ɗaya na nufin saƙon ya tafi, biyu na nufin ya shiga wayarta, in sun koma shuɗi an buɗe shi. Iyakarsu ke nan. Ba sa faɗa maka hannun wa wayar take. Mutum yana iya kashe Read receipts, shuɗin ba zai taɓa fitowa ba, yana kuma iya karanta saƙo daga saman waya ba tare da ya buɗe shi ba. Kalmar online ɗin da kake gadi, manhajar ce kawai a buɗe. Ƙila ƙanwarta ce take kallon hotunan biki.

Wannan na san shi a kaina. Lokacin da nake neman uwargidana, haka take min. Wata huɗu ina tsammanin dole aka yi mata. Sai bayan an sa rana ta gaya min cewa wayar tasu ce su biyu da ƙanwarta, kuma da an yi isha'i a ɗakin mahaifiyarsu take kwana. Ta ƙara da abin da ban taɓa tunani ba: wata ƙawarta ta taɓa sakin jiki da saurayi a rubuce, da suka ɓata sai ya ɗauki hoton hirar ya yaɗa wa abokansa. Tun daga nan ta yanke cewa ba za ta rubuta wa namiji abin da ba za ta so yayanta ya karanta ba. Maganar soro iska ke ɗauke ta, rubutu kuwa yana nan. Ni a ganina wannan hankali ne, kuma har yau ina girmama ta a kansa.

Amma ba zan ruɗe ka ba, domin fara'ar soro ita ma ba shaida ba ce. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata su karrama baƙo. Duk wanda ya yi sallama aka ba shi izini, za a kawo masa ruwa, a yi masa murmushi, musamman idan iyaye suna ganin mutuncinsa. Wani ɗan'uwana ya shekara yana shan kunun aya a wani gida. Kullum fara'a, kullum rakiya. Sai dai duk ranar da ya ta da maganar turo manya, ta ce a bari bayan salla, bayan salla ta ce sai ta gama jarrabawa, ba ta taɓa cewa "amma ga rana kaza" ba. A ƙarshe a gari ya ji an kai kuɗin gaisuwar wani. Ba muguwa ba ce yarinyar, kunya ce ta hana ta cewa a'a a fuskarsa, ta yi ta fatan ya gane da kansa. Ya sha wahala ƙwarai, kuma ba na so ka bi sahunsa.

To me ya raba matata da waccan, tunda dukansu gajeren saƙo suke yi? Da na waiwaya, abin da na gani shi ne riƙo da magana. Na taɓa rubuta wa matata cewa mahaifiyata tana fama da ciwon ƙafa, ta amsa da "Allah ya ba ta lafiya" kawai. Bayan mako uku da na je, ban gama zama ba ta ce, "Ya ƙafar Hajiya? An samu ganin likitan?" Ashe tana karantawa, tana ajiyewa. Idan kuma na sa ranar zuwa ta ga ba za ta yiwu ba, da kanta take cewa, "Asabar akwai biki a gidan kawu, ka zo Lahadi." Waccan kuwa kullum ɗan'uwana sai ya sake ba ta labarin da ya riga ya rubuta mata, kuma ɗagawarta ba ta zuwa da wata rana.

Ka duba naka da wannan ma'aunin. Ka ce a zuwanka na ƙarshe ta tambaye ka yadda kuka ƙare da maigidan hayarka, maganar da a waya kaɗai ka yi mata. Wannan ya fi min nauyi a kan awa biyar ɗin. Ka kuma tuna ko tun farko haka rubutunta yake. Idan tun ranar farko gajere ne, halinta ne ko yanayin gidansu. Idan da can tana sakewa, kwanan nan ne ta tsuke, to wani abu ya faru, kuma ya kamata ka sani.

Abin da nake roƙonka, ka daina dogon rubutun nan na ɗan lokaci, kuma kada ka rama ta hanyar yin shiru don ka gwada ta, domin mai kunya in ta ga shiru sai ta ƙara ja baya, ka ɗauka ka samu amsa alhali kai ka jawo ta. Ka tambaye ta lokacin da ya fi mata sauƙi, ka kira na minti biyar, ko ka tura saƙon murya. Idan muryarta a waya irin ta soro ce, matsalar rubutu ce kawai.

Sannan idan ka zo ƙarshen wata, ka faɗa mata a hankali, ba da sigar tuhuma ba: "Na lura ba kya son dogon rubutu, ko akwai hanyar da ta fi miki?" Daga nan ka kawo maganar turo manya, ka saurara ko za ta ambaci lokaci, ko ta ce bari ta shaida wa Umma. In ta ɗaga, ka ba ta uzuri sau ɗaya, ka ga ko ita za ta dawo da maganar.

Ka biyo ta Kano kafin ka wuce Katsina, ka kwana a wajenmu mu ƙarasa da baki. Ka sanar da ni ranar da za ka taso. A gaida abokan aiki.

Naka amini,
daga Kano