Barka da Sallah daga ƙasar da babu yashin suya

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Yau a nan ranar aiki ce, an yi Idi a zauren haya, kowa ya kama gabansa. Babu tambari, babu algaita, ku kuwa na san har an fara maganar hawan Daushe.

Ba nama ne ya fi tsaya mini a rai ba, gyaɗar da ake zuba wa baƙi a faranti ce. Tasu ta kanti gishiri ya yi mata yawa, ga maiƙo. Yashi kuma sai bakin teku. Don haka a busasshen kasko ake suya, kuma ki karanta wa Auta wannan, tunda damina na jiƙa yashin gida.

Amfanin yashi dai shi ne ya game gyaɗa da zafi ta ko'ina. In babu shi, gefen da ya taɓa ƙarfe kaɗai ke cin wuta, sai a ga ɗigon baƙi a waje, ciki kuwa ɗanye. To, hannu ne zai maye gurbinsa.

A fara tsince ta, a ware ƙanana da motsattsu da waɗanda suka rabe biyu, su ke fara ƙonewa su sa wa sauran ɗaci. Kasko ya zama mai kaurin gindi, a ɗumama shi kan wuta kaɗan. Gwangwanin madara 2 ya ishi kasko madaidaici, yadda gyaɗar za ta kwanta ba ta hau kan juna ba. Mudu guda sai a kasa shi. Daga nan juyi ne da cokalin katako, daga gefe zuwa tsakiya, ba ɗaga hannu, kamar minti 15. Gaisawa da baƙo a bakin ƙofa ma ta isa ta ɓata ta.

Idan ƙamshi ya tashi, jan ɓawon ya fara tsagewa, a ɗauki ƙwaya ɗaya a murza. In ɓawon ya saɓule, cikin ya yi ruwan ƙasa mai haske, a juye a faifai nan take a baza. Kada a jira ta yi garas-garas a kan wuta: da zafi taushi gare ta, sai ta huce take ƙarfi. Wadda aka bari a kasko kuwa ci gaba take da soyuwa, balle a murhun lantarki irin na nan, wanda ko an kashe shi zafinsa bai tafi ba.

A gaida Baba da kyau. A gaida Kaka, a ce mata a daka mata tata, haƙoran nan a bar su su huta, kuma goron Sallarta na nan tafe. Gwaggo ta Tudun Wada da yaranta, Yaya da amarya, su Kawu na Sabon Gari. Auta kuma ta rage wuta.

'Yarku