Likita, gwajin numfashi ya ce SIBO ce, amma likitocina biyu sun saɓa

Assalamu alaikum Likita. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari da mu masu tambaya. Allah ya saka da alheri.

Ni malamar makarantar sakandare ce, ina koyar da ilimin halittu, shekarata 44 da 'ya'ya biyar, biyun ƙarshe ta tiyata aka ciro su. Ina da ciwon suga shekara tara ke nan, ina shan metifomin safe da yamma. Sannan tun da aka taɓa ce min ina da olsa nake shan omefirazol kusan kullum. Gaskiyar magana ba likita ne ya ce in ɗore a kansa ba, ni ce dai nake aika yaro kemis duk sanda ƙirjina ya ɗau zafi, har abin ya zama jiki.

Abin da ke damuna kumburin ciki ne. Da asuba cikina lafiya lau, a shafe. Ina karyawa da ƙosai ko burodi da shayi, kafin a fita tara sai in ji zanen da na ɗaura ya fara cin ƙuguna. Zuwa la'asar kuwa, wata ɗalibata ta taɓa yi min barka a ɓoye, wai ta ga Malama ta samu ƙaruwa. Ga ƙugin ciki da na layin gaba ke ji, ga gyatsa, ga zawo sau uku ko huɗu a rana. An yi hoton ciki, an duba bayan gida, an zura na'ura ta maƙogwaro, ba a ga komai ba sai ƙarancin bitamin B12 a jini.

Bara na raka mahaifiyata asibiti a Alƙahira, sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Likitan ciki da na gani a can ya ce yana zargin abin da suke rubutawa SIBO, wato ƙwayoyin bakteriya sun yi yawa a ƙaramin hanji, alhali mazauninsu na asali babban hanji ne. Ya ce idan suka tare a sama, su ke riga jiki cin abincin, su ruɓar da shi, iska ta taru. Har B12 ɗin ma suna iya cinyewa. Ya lissafa min abubuwa uku a tarihina da ake dangantawa da ita: suga da ya daɗe kan taɓa jijiyoyin da ke motsa hanji, omefirazol na rage tsamin ciki wanda ke kashe ƙwayoyin da muke haɗiya, tiyata kuma kan bar tabon da ke manne hanji ya hana abinci wucewa sosai.

Gwajin ba wuya sai haƙuri. Ana gobe farar shinkafa da dafaffiyar kaza kawai na ci, na kwana awa 12 ba ci. Da safe na hura iska cikin wata 'yar jaka, aka ba ni giram 10 na wani nau'in sukari da ake kira lakitulos a ruwa na shanye, sannan duk minti 20 in sake hurawa har awa biyu. Hikimar ta burge ni a matsayina na mai koyar da wannan fanni: jikin ɗan Adam ba ya yin iskar haidirojin da kansa, ƙwayoyin hanji ne ke yi, ta shiga jini ta fito ta huhu. Takardar na gabana yanzu. A haidirojin na fara da 6 ppm, wato kashi 6 cikin miliyan na iskar da na hura, a minti 60 ina 9, a minti 80 ta yi tsalle zuwa 28, a ƙarshe 55. Iskar metan ba ta wuce 3 ba, ya ce sai ta kai 10 ake kula ta, kuma ta fi zuwa da taurin bayan gida, wanda ba shi ne matsalata ba. Ƙa'idarsu ita ce idan haidirojin ta ƙaru da 20 kafin minti 90, akwai cutar. Tawa ta ƙaru da 22 a minti 80.

Ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyi mai suna rifaksimin, miligiram 550 sau uku a rana na kwana 14. Kuɗinsa ba a magana. Amma wallahi na ji daɗinsa, wata biyu cur ina cin abinci kamar kowa. A wata na huɗu komai ya dawo yadda yake.

Da na kai takardun wurin likitan da ke duba sugana a nan gida, sai ya girgiza kai. Ya ce lakitulos ba ya narkewa a ƙaramin hanji, wucewa yake har babban hanji, inda kowa ke da ƙwayoyi maƙil. Mai zawo irina abinci na saurin ratsa cikinsa, don haka ba mamaki a minti 80 ɗin nan ruwan ya riga ya isa babban hanji, abin da na'urar ta gani kuwa aikin ƙwayoyin da ke zaune a gidansu ne. Ya nuna min da biro yadda layin ya kwanta awa guda sannan ya miƙe sau ɗaya bai sauko ba. Ya ce da gulukos giram 75 aka yi da ya fi yarda, don shi jiki na tsotse shi tun a sama, sai dai shi ma yakan kasa gano ƙwayoyin da ke can ƙarshen ƙaramin hanji, ga shi kuma zai ɗaga min suga. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce metifomin kaɗai na iya kawo kumburi da zawo da ƙarancin B12, duka ukun.

Na ce to sauƙin da na samu fa? Ya ce rifaksimin na sauƙaƙa wa wasu masu kumburi da zawo ko da ba a tabbatar suna da SIBO ba, don haka jin daɗin magani ba shaida ba ce. Na fito daga ofishinsa na rasa na kamawa.

Ga tambayoyina, Likita. Shin in sake shan rifaksimin kamar yadda na Alƙahira ya ce ta waya? An gaya min dawowar ciwon bayan 'yan watanni abu ne da aka saba gani, to sau nawa mutum zai yi ta maimaitawa? Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce filajil ko sifiro za su yi aikin da araha, ni kuma ina tsoron in yi ta ɗirka wa cikina maganin kashe ƙwayoyi a kan cutar da ba a tabbatar ba.

Ko kuwa tushen ya kamata a fara bi, a janye omefirazol a hankali, a sauya min metifomin na ɗan lokaci a gani? Idan haka ne wanne za a fara taɓawa, don in an cire biyun tare ba zan san mai laifin ba.

Sai batun abinci. Na bar wake da albasa da tafarnuwa da madara, kumburin ya ragu, amma na rame, kuma girki biyu kullum a gidan mutum tara ba ƙaramin aiki ba ne. Wata abokiyar aikina ta dage sai in riƙa shan kindirmo saboda ƙwayoyinsa masu amfani. Wanda ake zargin ƙwayoyi sun yi masa yawa, ƙara masa wasu gyara ne ko ɓarna? Na kuma lura cikina ya fi lafawa da azumi. Na san hanji na da wani motsi na share kansa da yake yi kamar duk bayan awa ɗaya da rabi idan ba abinci a ciki. Ko in daina ɗan taɓe-taɓen da nake yi tsakanin abinci, kuma yaya mai suga za ta yi hakan ba tare da jiri ya kwashe ta a gaban aji ba?

Ranar ganin likitana ta gaba saura mako uku, ina so in shiga da abin da zan roƙe shi takamaimai.

Taka mai bibiyar wannan fili,
Wata malamar makaranta daga Zariya