Wasiƙa zuwa Bilma: yadda za ka sauko da ruwan sama cikin farar leda

Tawa, 14 ga Janairu

Zuwa ga aminina Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Tawa lafiya lau, sai sanyin hunturu da ƙura da suka sako mu gaba. Inna tana gaishe ka, ta ce dabinon da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na ga saƙonka game da darasin zagayen ruwa. Ka ce ka zana teku da girgije da kibiyoyi a allo, yara sun kwafe, amma da ka tambaye su daga ina ruwan girgije yake fitowa sai aji ya yi tsit. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya tashi a garin da ruwan shekara ba ya cika milimita 20, zanen alli ba zai gamsar da shi ba. To ga abin da nake yi wa nawa ɗaliban, kuma wannan lokacin na sanyi ya fi kowane lokaci dacewa da shi.

Ka nemi farar leda wadda ake ganin cikinta garau, mai ɗan kauri, kamar santimita 20 faɗi da 25 tsawo. In ka samu mai zif a baki ta fi, in babu, ta ɗaurin sukari ma ta yi, sai ka ɗaure bakin da zare tamau. Tun tana busasshiya ka sa yaro ya ɗauki alƙalamin maka ya zana rana da girgije a sama, ya zana igiyar ruwa a ƙasa. Sai ka jiƙa bular wanki kaɗan a ruwa cikin kofin shayi ɗaya, ka zuba a hankali ta tsakiya, kada ruwan ya taɓa gefen ledar. Wannan wurin ka kula da shi ƙwarai. In gefen ya jiƙe tun wurin zubawa, anjima yara za su ce ɗigon da suke gani fantsama ce, kuma ba ka da abin da za ka mayar musu. Ka bar iska a ciki ledar ta ɗan kumbura, sannan ka rufe. Ka ja layi daidai inda ruwan ya tsaya.

Ajinmu ba tagar gilashi, rufin kwano ne da tagogin ƙarfe, ina jin naku ma haka. Saboda haka ni igiya nake ɗaurawa tsakanin icce biyu a farfajiyar lakwal, in rataye ledar da abin maƙale shanya, fuskarta tana duban gabas, tun ƙarfe takwas. Kada kowa ya girgiza ta.

Kafin fita hutun ƙarfe goma za ka ga saman ledar ya yi hazo daga ciki, kamar an hura mata numfashi. Ka kawo yara su matso su duba da kyau, za su ga hazon ƙananan ɗigo ne birjik, kowane bai kai kan allura ba. Wajen azahar ɗigon sun haɗu sun yi girma. Can sai ɗaya ya yi nauyi ya zame, yana tafe yana kwashe na kan hanyarsa, ya bar wani tsagi garau a bayansa har ya faɗa cikin shuɗin ruwan. Ranar da muka yi, wata yarinya ce ta fara ganinsa, ta ɗaga murya ta ce, "Mushe, ana ruwa a leda!" Ka jira wannan lokacin kafin ka ba su sunan komai.

Tambayar farko da za ka yi musu: mene ne launin ɗigon? Fari ne tas, alhali ruwan ƙasa shuɗi ne. Ke nan ruwan ya taso ya bar bular a ƙasa. Nan kai ka fi ni sa'a, don ramukan gishirin Kalala suna bayan gidanka. Kowane yaro a ajinka ya ga yadda rana take shanye ruwan rami ta bar gishiri. Abin da bai taɓa gani ba shi ne inda ruwan ya tafi, leda kuwa ta tare shi a hanya. In kana so ka tabbatar musu, ka yi leda ta biyu mai tsabta da ruwan gishiri ba bula, in ɗigo sun taru a buɗe a hankali, yaro ya dangwalo na can sama da tsabtataccen yatsa ya lasa. Zai ji salam. Ta bula dai kada a ɗanɗana. Daga nan ba sai ka sha wahala ba wajen bayyana dalilin da ya sa ruwan sama ba shi da gishiri ko da yake mafi yawansa daga teku ya taso.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne dalilin fitowar ɗigon, don yawancinmu a nan muke gaggawa. Muna cewa zafi ya ɗaga ruwa, sai mu wuce. Zafi shi kaɗai ba ya kawo ɗigo ko ɗaya. Ruwan da ya tashi ya zama tururi ya shiga iska, ido ba ya ganinsa sam. Iskar da ke tsakiyar ledar cike take da shi, amma ka duba, garau take. Ba ya komawa ruwa sai iskar ta taɓa wurin da ya fi ta sanyi, domin yawan tururin da iska take iya riƙewa ya dogara ga zafinta. A digiri 40, mita ɗaya ta kowane gefe na iska tana riƙe kusan giram 51. A digiri 20 kuwa giram 17 kawai. In iska mai zafi da ta cika da tururi ta huce daga 40 zuwa 20, dole ta sauke kashi biyu cikin uku na abin da ta ɗauko. Shuɗin ruwan nan yana shan rana ya yi ɗumi, fatar ledar ta sama kuwa iskar hunturu tana kaɗa ta tana sanyaya ta, shi ya sa ɗigon suke taruwa a can.

Ka yi wannan lissafin da manyan ɗalibanka, yana da daɗi. Iskar cikin ledar ba ta wuce lita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na waccan mitar. Giram 51 a raba dubu ya ba da kamar 0.05 na giram, nauyin ɗigon ruwa ɗaya ke nan. Ashe duk tururin da ke cikin ledar a kowane lokaci bai wuce ɗigo ɗaya ba. To ta yaya aka samu ruwan da ya lulluɓe bangon ledar har yana gangarowa? Amsa ita ce iskar ba ta hutawa. Tana ɗauka a ƙasa, ta sauke a sama, ta dawo ta sake ɗauka, yini guda. Zagayen da ake faɗa ke nan. Sararin sama ma haka yake aiki, ruwa ba ya daɗewa a cikinsa, tsaka-tsaki kwana 9 yake yi kafin ya sauko.

Akwai dabara ɗaya da take rufe gardama. Ka yanko ɗan ƙyalle mai kusurwa uku, ka jiƙa shi, ka manna a bayan ledar daga waje, can sama. Busasshiyar iskarmu za ta sa ƙyallen ya yi sanyi, kuma bayan ɗan lokaci ɗigon ciki za su fi yawa daidai ƙarƙashinsa, har siffarsa ta fito. In kana da ƙanƙara ta fi sauri. Yaran da kansu za su ce maka sanyi ne ya kira ruwan.

In abin ya ƙi, ga inda za ka duba. Idan ledar ta yini ba hazo, ka taɓa ta. In duk jikinta zafi ɗaya ne, sama da ƙasa, babu wurin da tururi zai sauka. Wannan yana faruwa a watan Afrilu da Mayu, ko in an manna ta a jikin ƙofar ƙarfe da ta sha rana. Maganinsa ƙyallen nan, ko a duba ta bayan la'asar in gari ya fara hucewa. In ruwan ya sauka ƙasa da layi sosai kuma bangon a bushe yake, ledar ta huje ko bakin bai rufu ba. A ledar da ta rufu da kyau, ruwan yana ɗan sauka kaɗan ne kawai, gwargwadon abin da ya maƙale a bango. Ka ajiye kofin shayi ɗaya na ruwa a buɗaɗɗen faranti kusa da ita, su ga farantin ya ƙafe ledar tana nan da ruwanta.

Amma ka gaya musu gaskiya, leda ba duniya ba ce. A sama babu bangon da tururi zai taɓa. Iskar ce take hawa, kuma can sama sanyi ne, kowace kilomita ɗaya zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. In ta huce sai tururin ya taru a jikin ƙwayoyin ƙura ya zama girgije. Sannan a leda inda ruwa ya tashi nan yake sauka, a duniya kuwa tafiya yake yi. Danshin daminarmu daga tekun Gini yake zuwa, kusan kilomita 1000 kudu da Tawa, iskar bazara ce take kawo shi ta kudu maso yamma. Wani ɗalibina ya tsayar da ni a nan, ya ce babansa ya ce hadari daga gabas yake tasowa. Babansa ya yi gaskiya. Iskar ƙasa-ƙasa ce take kawo danshin daga kudu, in hadarin ya haɗu kuma iskar da ke can sama ta kora shi daga gabas zuwa yamma. Kafin iskar nan ta tekun ta kai yankinku na Kawar ta riga ta sauke kayanta a hanya, shi ya sa mu muke samun 'yan ɗaruruwan milimita ku kuna neman ashirin.

Leda kuma ba ta nuna ruwan da yake nitsewa cikin ƙasa. Ni nan ina kai su ga manoman yankinmu na Adar da suke haƙa ƙananan ramukan da ake kira tassa da masu siffar rabin wata a gona don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya bi korama. Kai kuwa maɓuɓɓugan da ke shayar da dabinonku ne misalinka. Ruwansu an yi shi ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyayi, ya nitse ya zauna cikin duwatsun ƙasa, yanzu yake fitowa. Ina so yaran su san cewa wannan ɓangaren na zagayen ba ya sauri, kuma 'yan ɗigon da ake yi musu yanzu ba sa mayar da abin da aka ɗiba.

In sun gama da wannan, ka sa su ɗaura busasshiyar leda, ba ruwa ko kaɗan, a kan reshe mai ɗanyen ganye da safe, su ɗaura wata a kan busasshen icce. Su duba da la'asar. Kada ka faɗa musu abin da za su tarar, ka bar su su yi ta musu a kan inda ruwan ya fito. Ka cire ledar kafin magariba don kada ganyen ya dahu.

Ka rubuto mini abin da suka ce. In farar leda mai zif tana wuyar samu a can, ka faɗa mini in saya a kasuwa in ba direban da ya kawo dabino. Ka gaida Hajiya da su Mariyama, ka gaida abokan aikinka duka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Hamidu