Wasiƙa zuwa ga ɗana a Glasgow

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyi? Yayarka ta tsegunta mini maganar yarinyar ajinku da ke yawan kiranka ku yi karatu tare, har ka rasa gane ko karatun ne ko sonka take yi. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata.

Da idon Kano kake kallon lamarin. A nan saurayi ne ke zuwa ƙofar gida ya aiki yaro a kira masa yarinya, saboda haka in budurwa ta nemi namiji da kanta, kowa ya san da magana. Can kuwa mace ta ce wa ɗan ajinsu su haɗu a laburare abu ne na yau da kullum, balle ga jarrabawar Disamba ta matso, kai kuma lissafi bai taɓa ba ka wuya ba. Ko da dare ta kira ka, bai isa hujja ba, tunda a garinku yanzu kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi.

Ka bar ƙirga sau nawa ta gayyace ka, ka duba yadda zaman yake. In kun zauna awa biyu, nawa ne na littafi? Wadda karatu ya kawo, da an warware tambayoyin za ta tattara takardunta. Wadda kai ta zo gani, sai a rufe littafi tana nan, tana tambayar su waye a gidanku, ta tuna ka ce ƙanwarka ba lafiya makon jiya. Wannan ma ka yi hattara da shi, wasu haka Allah ya yi su da kirki ga kowa. Ka lura ko haka take yi wa sauran 'yan ajin.

Ga abin da za ka yi. In ta sake kiranka, ka ce za ka taho da wani abokinka da darasin ke ba shi wahala. In karatu ne, murna za ta yi. In ta fara kawo uzuri, ko ta nemi wata rana ku biyu, ka sami rabin amsa. Sauran rabin sai an gama jarrabawa: in kiran ya tsaya, to lissafinka take so. In ya ci gaba ba littafi a tsakani, ka tambaye ta cikin ladabi, kada ka aika aboki.

Amma kai fa? Da ba ta kwanta maka ba, da zancen bai iso Kano ba. In aure kake nufi, ka gaya mini in san yadda zan tunkari Babanku. In ba ka shirya ba, kada ka bar 'yar mutane tana sa rai. Ko ma wanne ne, a laburare za ku zauna cikin jama'a, ban yarda da ɗakinka ko nata ba.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan ka dawo masallaci. Allah ya yi maka albarka.

Ummanka